Martani: Arhar Cefane Ba Ita Ce Ribar Gidan Abinci Ba

Kwanakin baya wani marubuci mai yawan tsokaci kan ƙananan sana'o'i ya fitar da maƙala yana koya wa masu gidajen abinci yadda za su tsara takardar jerin abincinsu, wadda 'yan birni ke kira menu. Shawarwarinsa uku ne. Na farko, mai gida ya duba abincin da cefanensa ya fi arha idan aka gwada da farashinsa, ya ɗauke shi a matsayin mafi riba. Na biyu, ya ɗora wannan abinci a kusurwar sama ta hannun dama, domin a cewarsa nan idon mai saye ke fara sauka. Na uku, duk abincin da lissafi ya nuna ba shi da kasuwa kuma ba shi da riba a share shi nan take, wanda kuwa ke da kasuwa a ƙara masa kuɗi ko a rage masa awo. Ya jingina waɗannan shawarwari da tsarin nan na rarraba abinci gida huɗu da ake koyarwa a makarantun koyon aikin otal.

Akwai abin da marubucin ya faɗa daidai, kuma ya cancanci a yaba masa a kai. Da yawa daga masu sayar da abinci a Kano, Kaduna ko Maraɗi ba su san nawa farantin tuwo ɗaya ya ci musu ba. Suna kallon cinikin yini ne dunƙule, in ya fi kuɗin cefane su yi hamdala, in ya gaza su ce kasuwa ce ba ta yi ba. Kiran da ya yi a zauna a yi lissafin kowane faranti kira ne mai kyau. Amma shawarwarin uku da ya gina a kan wannan kira duk suna da gyara, kuma ta farkon na iya jawo wa mai binta asara alhali littafinsa na nuna masa ci gaba.

Tsarin da ya ambata yana da asali sananne. Malamai biyu na Jami'ar Jihar Michigan a Amurka, Michael Kasavana da Donald Smith, su suka fitar da shi a 1982 cikin littafinsu mai suna Menu Engineering. Shekara biyu kafin nan, a 1980, wani malami mai suna Jack Miller ya fito da nasa ma'aunin, wanda ke duba abu biyu: yawan fitar abinci, da kason da cefane ke ci cikin farashi. Abin da Kasavana da Smith suka canza shi ne ma'auni na biyun. Suka ajiye kaso, suka ɗauki tsabar kuɗin da ke saura a kowane faranti bayan an cire kuɗin kayan da aka dafa shi da su. Ke nan marubucin ya ari sunan tsarin 1982 ya liƙa wa ma'aunin 1980, wanda shi ne ainihin abin da tsarin ya zo ya gyara.

Wannan saura da ake magana, a kira ta rarar faranti. Ba ita ce riba ba tukuna, domin daga cikinta za a biya haya, albashin kuku da yaran shago, gas, man janareta, ruwa da haraji. Abin da ya rage bayan waɗannan shi ne riba. Mai gidan haya kuwa da naira ake biyansa ba da kaso ba, haka mai dizal. Saboda haka tambayar da ta dace da kowane faranti ita ce nawa ya bari a aljihu.

Misali zai fi bayyana zancen. A ƙaddara wata Hajiya tana da gidan abinci a kan wani babban titi a Kano, tana sayar da manyan abinci kala takwas, kuma a wata guda ta sayar da faranti 2,000. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, an zaɓe su don sauƙin lissafi, kowa sai ya sauya su da nasa.

A fara da biyu daga cikin takwas ɗin. Ɗan wake tana sayar da shi naira 1,000, kayan haɗinsa, wato gari, kuka, kanwa, mai, yaji da 'yar albasa, sun ci naira 300. Cefane ya ci kashi 30 cikin ɗari ke nan, rara kuma naira 700. Dafa-duka da kaza tana sayar da ita naira 4,500, amma shinkafa da kayan miya da cinyar kaza sun ci naira 2,500. Cefane ya haura kashi 55 cikin ɗari, rara kuma naira 2,000.

A ma'aunin marubucin, ɗan wake ne gwarzon wannan gida, dafa-duka kuwa mai cin kuɗi ce da ya kamata a tura ƙasan takarda. To a ce Hajiya ta bi shawarar, ta kuma yi nasara: mutum ɗari da suka saba cin dafa-duka suka koma ɗan wake. A kan kowane mutum ta rasa bambancin naira 2,000 da naira 700, wato naira 1,300. A wata, naira 130,000 ta tafi. Abin da ya fi haɗari shi ne idan ta duba kason cefanen gidan gaba ɗaya za ta ga ya sauka daga kashi 51 zuwa kusan 50, ta ɗauka ta gyara kasuwanci. Kujerun da mutum ɗarin suka zauna su ne dai, fankar da ta kaɗa musu ita ce, yaron da ya wanke farantansu albashinsa bai ragu ba. Kuɗin da za a biya waɗannan da shi ne kawai ya ragu.

Wannan ba yana nufin kaso ba shi da amfani ba. Yana da aiki a kicin. Idan cefanen tuwo ya saba cin kashi 40 sai wata guda ya tashi zuwa 48 ba tare da farashin kasuwa ya motsa ba, to akwai ɓarna, ko hannun kuku ya yi nauyi, ko wani abu yana fita ta ƙofar baya. Wajen gano ɗigo yake da amfani. Wajen zaɓar abincin da za a tallata kuwa, rara ce ke yanke hukunci.

Yadda ake raba gida huɗun

Layi biyu ake ja. Na farko na rara ne. Ana ninka rarar kowane abinci da yawan farantan da aka sayar, a tara duka, a raba da jimillar farantai. A gidan Hajiya jimillar rarar watan ta kama naira 2,831,000, idan aka raba da 2,000 sai a sami kimanin naira 1,416. Duk abincin da rararsa ta kai wannan mai rara ne, wanda ya gaza kuma mai ƙarancin rara. A lura cewa ba a tara rarar kala takwas a raba takwas, domin yin haka zai ba farfesun da ake saye jefi-jefi nauyi ɗaya da shinkafar da ake ɗiba daga safe har dare.

Layi na biyu na farin jini ne. Da kowane abinci zai sami rabo daidai, faranti 2,000 a raba takwas kowa zai tashi da 250. Kasavana da Smith sun ga cewa neman cikakken rabo tsanani ne, sai suka sa sharaɗin kashi 70 cikin ɗari na rabon. Kashi 70 na 250 shi ne 175. Abincin da ya sayar da 175 ko fiye yana da farin jini.

Da waɗannan layuka biyu abinci takwas na Hajiya suka rabu biyu-biyu. Dafa-duka da kaza ta fita sau 520 da rarar naira 2,000, tuwon shinkafa da miyar taushe ya fita sau 300 da rarar naira 1,500. Sun haye layukan duka biyu. Su ake kira taurari.

Shinkafa da miya da nama ta fi kowa fita, sau 600, amma rararta naira 1,100 ce. Shinkafa da wake da mai da yaji ta fita sau 260 da rarar naira 800. Suna da jama'a, rararsu ce ƙarama. Masu tsarin sun kira irinsu dokin garma, wanda a ƙasar Hausa shanun huɗa ne suka fi kama da shi: su ke jan nauyin gona kullum.

Farfesun kayan ciki yana barin naira 2,400 a faranti amma sau 90 kawai aka saya, dambun shinkafa da zogale yana barin naira 1,900 amma sau 70. Rara mai kauri, masu saye kaɗan. Su ne kacici-kacici, domin aikin mai gida ne ya gano abin da ya hana su fita.

Sai ɗan wake, sau 100 da rarar naira 700, da taliya da miya, sau 60 da rarar naira 900. Sun gaza a layukan biyu. Tsarin ya kira su karnuka. Ga ɗan waken da marubucin zai naɗa wa rawani nan, a gidan da tsarin da ya ce yana bi ya fi rainawa.

Batun kusurwar dama

Shawara ta biyu tsohon zance ne da ya daɗe yana yawo a bakin masu zana menu, cewa akwai wani gurbi na musamman a saman shafin dama da ido ke fara faɗawa. An gwada wannan zance. A 2012 Sybil Yang ta Jami'ar Jihar San Francisco ta wallafa binciken da ta yi da na'urar bin motsin ido, inda ta ba mutane menu mai shafi biyu ta kalli yadda idonsu ke tafiya. Ta tarar suna karanta shi kamar littafi, su fara da shafin hagu daga sama zuwa ƙasa, sannan su haura na dama. Ba ta sami wani gurbi da ido ke maƙalewa a kai ba.

Abin da ke da hujja a bayansa shi ne matsayi cikin jeri. Eran Dayan da Maya Bar-Hillel sun wallafa bincike a 2011, ciki har da gwaji a wani gidan shan kofi na gaske a Tel Aviv, inda suka riƙa sauya jerin abinci cikin rukuni guda. Abincin da aka sa a farkon jeri ko ƙarshensa ya fi samun masu saye a kan lokacin da yake tsakiya, a wasu lokutan har kusan ninki biyu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa sauraron doguwar sanarwa: na farko da na ƙarshe ke zama a kai, na tsakiya su cuɗe.

Idan Hajiya za ta yi aiki da wannan, jerin manyan abincinta zai buɗe da dafa-duka da kaza, tuwo ya biyo baya. Dambu ko farfesu ya rufe jerin. Shinkafa da miya ta zauna a tsakiya, domin ita ba ta bukatar talla, masu sonta sun san tana nan kuma za su nemo ta ko ina aka ajiye ta. Gurbin da ya fi daraja ba a ba abincin da zai sayar da kansa.

Bayan jeri akwai ƙananan dabaru da suke da ma'ana. Zagaye abinci ɗaya da akwati ko sa masa hoto yana jan ido, amma ƙarfinsa a ƙarancinsa yake. Idan aka zagaye biyar cikin takwas, babu wanda aka ware. Akwati ɗaya a rukuni ya isa, kuma kacici-kacici ya fi tauraro bukatarsa. Haka nan suna mai bayani. "Dambu" kawai bai gaya wa baƙo komai ba. Idan aka rubuta cewa dambun shinkafa ne da zogale da gyaɗa da soyayyen nama, an ba shi dalilin biyan naira 3,000. Sharaɗin kawai shi ne abin da aka rubuta ya kasance yana cikin farantin.

Sai rubutun farashi. Idan aka jera farashi a layi ɗaya miƙaƙƙe a gefen dama, daga ƙarami zuwa babba, an gayyaci mai saye ya bi layin kuɗin ya zaɓi mafi arha kafin ya karanta sunan abincin. Gara farashin ya biyo bayan bayanin abinci kai tsaye, da rubutu daidai da sauran, a bayyane ba ɓoye-ɓoye. Masu bincike na Jami'ar Cornell sun wallafa wani gwaji a 2009 da suka yi a gidan abincin wata makarantar koyon girki a jihar New York, inda waɗanda aka ba menu mai lambobi zalla ba alamar dala suka kashe kusan kashi 8 cikin ɗari fiye da sauran. Gida ɗaya ne a ƙasa ɗaya, don haka bai kai a yi masa riƙon doka ba, amma gwada shi ba ya cin ko sisi.

Akwai kuma abin da marubucin bai taɓo ba sam, alhali shi ya fi shafar masu karatunsa. A yawancin gidajen abincin ƙasar Hausa mai saye ba ya buɗe takarda. Yana zama sai ya ce, "Me kuke da shi?" Yaron da ke karɓar oda ya jero masa da baki. Wannan jerin bakin shi ne menu na gaskiya, kuma kusan kullum da shinkafa da miya yake farawa, domin ita aka fi tambaya. Sau da yawa ma mai saye zai tare shi tun bai kai ƙarshe ba. Hajiya za ta iya kashe kuɗi a wurin mai ɗab'i ta buga takarda mai sheƙi, amma idan ba ta zaunar da yaranta ta ce musu su fara da dafa-duka, su ambaci cewa yau akwai dambu da zafinsa ba, kuɗin ɗab'in ya tafi a banza. Idan wannan sauyin baki ya juyo da mutum ɗari daga shinkafa da miya zuwa dambu, bambancin naira 800 a faranti zai ba ta naira 80,000 a wata, ba tare da sabon kwastoma ko ɗaya ya shigo ba.

Shanun huɗa da karnuka

Shawara ta uku ita ce ta fi bukatar taka-tsantsan. Marubucin ya ce abinci mai kasuwa a ƙara masa kuɗi. Ana iya ƙarawa, amma da lissafi a hannu. Shinkafa da miya tana kawo wa Hajiya naira 660,000 a wata. Idan ta ƙara naira 200, rara ta zama 1,300, tana bukatar faranti 508 kafin ta mayar da wancan kuɗin. Wato tana da sararin rasa faranti 92. Idan bayan wata guda ta ga ta sayar da 560, ƙarin ya karɓu. Idan ta ga 470, ta yi asara, kuma asarar ta fi abin da takarda ta nuna, domin wanda ya daina zuwa ya tafi da kuɗin zoɓo da ruwan da yake saya, wataƙila har da abokan da yake jawowa.

Dalilin da ya sa ake lallaɓa irin wannan abinci shi ne farashinsa kowa ya haddace. Ɗan adaidaita sahu da ma'aikacin ofis sun san nawa ake sayar da shinkafa da miya a gida uku na layin, kuma da ita suke auna tsadar gida ko arharsa. Farashin farfesu kuwa ba kowa ke riƙe da shi ba. Shi ya sa ƙarin naira 200 a kan farfesu zai iya wucewa shiru, irinsa a kan shinkafa ya zama abin zance.

Kafin a taɓa farashi akwai inda ake fara dubawa. A gidaje da dama cokalin zuba shinkafa ba shi da awo, wani yaro ya zuba uku, wani ya zuba huɗu idan ya ga idon sani. Yankan nama ba daidai ba. Miya tana kwana ta lalace. Idan aka tsayar da awo guda aka toshe ɓarnar naira 100 a faranti, naira 60,000 ke nan a wata daga wannan abinci kaɗai. Wannan dabam yake da rage awo a ɓoye da marubucin ya ba da shawara. Tsayar da awo shi ne kowa ya sami abin da aka saba ba shi. Zaftare wa mutum shinkafa a kuɗin da ya saba biya ba tare da ya sani ba kuwa tauye mudu ne, kuma mai ci kullum yana ganewa tun a kwana na biyu. Wanda ke son ƙaramin faranti ya fito da shi fili da sunansa da farashinsa. Haka kuma ana iya haɗa shinkafar da kofin zoɓo ko kunun aya a farashi guda, tunda abin sha da aka yi a gida rararsa tana ɗaga ta farantin.

Game da karnuka kuma, share su nan take gaggawa ce. Sunan bai zama hukunci ba sai an duba me ajiye abincin ke ci. Taliyar Hajiya da miyar shinkafa ake cinta, tukunyar miya ɗaya ce, taliya busasshiya ba ta lalacewa, kuma ba a dafa ta sai an tambaya. Ajiye ta kusan kyauta ne, naira 54,000 da take kawowa a wata kuma kuɗi ne. Ƙila ma ita ce abin da yara ke ci idan magidanci ya zo da iyalinsa ya sayi dafa-duka huɗu. Wurinta tsakiyar jeri, ba hoto ba akwati. Ɗan wake lamarinsa dabam. Yana son tukunyarsa, da mai saka shi tsaye a kai, kuma ba ya jiran mai saye, da zafinsa ake ci. Idan yana tare murhu da hannu a daidai lokacin azahar da gida ya cika, faranti uku ko huɗu a yini ba su biya wannan wahala ba. Shi ne za a iya mayarwa na safe kawai, ko na rana ɗaya a mako, ko a sauke shi.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan zurfi. Tsarin yana auna kowane abinci ne da matsakaicin 'yan uwansa, kuma duk inda aka yi matsakaici dole wani ya faɗo ƙasa da shi. A ce Hajiya ta share ɗan wake da taliya, masu cinsu kuma suka koma wani gida. Ta rasa naira 124,000. Matsakaicin rara ya tashi daga 1,416 zuwa 1,471. Tuwon da ke saman layi da naira 84 yanzu naira 29 ce tsakaninsa da faɗawa cikin shanun huɗa, alhali ba a taɓa tukunyarsa ba. Mai bin shawarar sharewa ido rufe zai riƙa samun sabon abin sharewa duk zagaye, jerinsa yana ƙanƙancewa, haya tana nan yadda take.

Inda tsarin kansa ya tsaya

Adalci ne a faɗi cewa ko tsarin Kasavana da Smith ba cikakke ba ne, kuma malaman fannin sun daɗe da nuna haka, har wasu suka ƙara masa ma'aunin ƙwadago a shekarun 1990. Rara ba ta ƙirga aiki da wuta. Farfesun kayan ciki yana son wanki mai yawa da dogon dahuwa, kuma abin da bai ƙare ba ranar yana iya zama asara idan wutar lantarki ta ƙi. Naira 2,400 ɗinsa ta fi kyau a takarda fiye da a kicin. Kafin Hajiya ta ba shi akwati a menu, sai ta tabbata murhunta zai ɗauki ninkin abin da take dafawa yanzu. Wannan ne ma zai iya sa ta fifita dambu, duk da rararsa ba ta kai ta farfesu ba.

Sannan lissafin yana tsufa da wuri. Tsarin an gina shi ne a ƙasar da farashin kayan abinci ba ya tsalle kamar na nan. A Kano kwandon tumatir a 'Yankaba lokacin rani, sa'ad da kayan Kadawa da Kura ke kwararowa, farashinsa ba ya kama da na farkon damina. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna har farashin ya ninka sau da yawa. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuwa, hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, kamar yadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana. A irin wannan yanayi tauraron watan Fabrairu yana iya zama san huɗa a watan Yuni. Lissafin kuɗin faranti ya kamata a sabunta shi duk wata, ko duk lokacin da buhun shinkafa ko kaza suka yi tsalle. Wannan ma hujja ce ta fifita allon da ake gogewa, ko takarda mai arhar sake bugawa, a kan menu mai tsada da za a ji ƙyashin canzawa.

Kuma ba a cakuɗa rukuni. Idan aka jefa zoɓo da ruwan roba cikin lissafin manyan abinci, duk abin sha zai fito a matsayin mai ƙarancin rara, matsakaicin kuma ya zube har raunanan abinci su fito kamar taurari. Abin sha da 'yan uwansa, abincin safe da nasa, manyan abinci da nasu. Haka watan azumi ba a auna sauran watanni da shi, domin cinikinsa na buɗa-baki ne, kuma abin da ake nema a cikinsa dabam yake.

Marubucin ya yi daidai da ya ce a yi lissafi, ya yi kuskure a abin da ya ce a lissafa, da inda ya ce a ɗora sakamakon, da saurin da ya ce a yanke hukunci. Masu gidajen abincin da suka riga suka bi shawararsa su ɗauko littafin cinikin watan jiya, su rubuta farashi da kuɗin cefane da yawan fitar kowane abinci, su ja layukan nan biyu, kafin su kai sabon menu wurin mai ɗab'i. Shi kuma marubucin, tunda masu ƙaramin jari ne ke karanta shi, ya kamata ya dawo ya gyara shawarar farko a shafin da ya buga ta.